Yadda Wayarka Ke Ƙirga Daga 0 Zuwa 15 Da Lambobi Biyu Kacal

Ka taɓa lura cewa memori a shagunan waya nan Zango kullum 8GB ne, ko 16, ko 32, ko 64? Da wuya ka ga mai 10 ko mai 50. Dalili shi ne wayarka ba ta ƙirga irin namu. Mu muna da lambobi goma, daga 0 zuwa 9, ita kuwa biyu gare ta, 0 da 1. Ƙananan makunnan da ke cikinta ko dai a kunne suke, wato 1, ko a kashe, wato 0. Wannan ƙirgen shi ake kira bainari, kuma tun a 1703 Bajamushen nan Leibniz ya wallafa bayaninsa.

Ni dai idan zan koya wa ƙannena, da awon gero nake farawa. Ɗauka kana da buhu huɗu a ƙulle: na farko mudu 8 ne a ciki, na biyu mudu 4, na uku mudu 2, na ƙarshe mudu 1. Sharaɗin shi ne ba a kwance buhu, ko ka ba da shi gaba ɗaya ko ka bar shi. Wanda ka bayar ka rubuta masa 1, wanda ka bari ka rubuta masa 0.

To, ga mai saye ya ce mudu 13 yake so. Fara da babba. Buhun 8 zai shiga cikin 13? E, rubuta 1, saura 5. Na 4 fa? Ya shiga, rubuta 1, saura 1. Na 2 ya fi abin da ya rage, a bar shi, rubuta 0. Na 1 ya cike, rubuta 1. Ka ga 13 ta zama 1101 ke nan.

Haka za ka yi wa kowace lamba:

```
    8421        8421
0 = 0000    8 = 1000
1 = 0001    9 = 1001
2 = 0010   10 = 1010
3 = 0011   11 = 1011
4 = 0100   12 = 1100
5 = 0101   13 = 1101
6 = 0110   14 = 1110
7 = 0111   15 = 1111
```

Dubi yadda 7 ta koma 8. A 0111 gurbi uku na dama sun cika, da ka ƙara ɗaya sai duk su koma 0, a ɗauki 1 a kai gurbin gaba. Abin da muke yi ke nan tun firamare idan 99 za ta zama 100, sai dai a nan gurbi yana cika ne tun daga 1.

Wuri biyu mutane suka fi zamewa. Na farko wajen faɗa: 10 a bainari ba goma ba ce, biyu ce, don haka ka karanta ta "ɗaya, sifiri". Na biyu wajen juya jeri. Ƙaramin buhu kullum a dama yake. Idan ka juya 1101 za ka samu 1011, wato 8 da 2 da 1, 11 ke nan, mai saye ya yi asarar mudu biyu. Ga ɗan gwaji mai sauƙi: lambar da ke rabuwa biyu daidai da 0 take ƙarewa, wadda ba ta rabuwa kuma da 1. In ka ga 6 ɗinka ta ƙare da 1, sake lissafi.

Me ya sa muka tsaya a 15? Ai buhunan sun ƙare: 8 da 4 da 2 da 1, 15 ne cif. Kowane gurbi sunansa bit, kuma bit huɗu yanayi 16 kawai suke iya nunawa idan ka haɗa da sifiri. In kana son wucewa sai ka kawo buhu na biyar mai mudu 16, ka kai 31. Duk bit ɗin da aka ƙara ninka adadin yake yi, shi ya sa memori ke tafiya 16, 32, 64.

Za ka iya ganin jerin nan a wayarka. A yawancin wayoyin Android, shiga Settings, sai About phone, ka nemi Wi-Fi MAC address, wasu sai ka buɗe Status tukuna. Za ka ga lambobi gauraye da haruffa daga A zuwa F. Kowane ɗaya bit huɗu yake wakilta: A ita ce 10, wato 1010, har zuwa F, wato 1111.

Gwada da yatsunka huɗu: manuniya 8, na tsakiya 4, na kusa da shi 2, ƙarami 1. Idan ka ɗaga manuniya da ƙarami kaɗai, nawa ka ƙirga? Sannan harafin farko na MAC ɗin wayarka, me ya zama a bainari?