Hazon Ranar Jarrabawa: Yadda Kalma Ɗaya Ta Cinye Maki Huɗu

A wata safiyar Janairu, ɗaliban ajin ƙarshe na wata sakandare a Kano suka zauna jarrabawar gwaji ta darasin Labarin Ƙasa. Hazo ya rufe gari, ƙura ta kwanta a kan tebura, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Tambaya ta uku gajeriya ce, mai maki biyar: a bayyana irin yanayin da aka san Kano da shi. Wata ɗaliba, wadda ba ta saba faɗuwa a wannan darasi ba, ta dubi taga ta rubuta abin da ta gani. Ta ce akwai sanyi da safe, akwai hazo da busasshiyar iska, babu ruwan sama, rana kuma ba ta da zafi sosai. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin amsarta, amma da takarda ta dawo maki ɗaya ta samu, tare da gajeren rubutu da jan biro: "Wannan labarin yau ne."

Ta bi malamin har ofishin malamai. "Malam, me na faɗa wanda ba gaskiya ba?" Bai yi mata gardama ba, sai ya ce ta sake karanta amsar, ta ɗauka cewa a watan Afrilu take karantawa. Ta yi shiru, domin ta san Afrilun Kano, lokacin da zafin tsakar rana kan kai digiri 38 ko fiye, dare ma ba ya barin mutum ya runtsa. Ya ce to ta karanta a watan Agusta, lokacin da kwatoci ke cika suna ambaliya. Kusan duk jimlolinta suka rushe. Amsar da ke zama gaskiya a wata guda ta ƙaryata kanta a wani watan, in ji shi, ba ta amsa abin da aka tambaya ba.

Tushen kuskuren ya girmi ɗalibar. Turanci, wanda da shi ake rubuta jarrabawar, yana da kalmomi biyu mabambanta, Hausar yau da kullum kuwa takan tara su duka a cikin kalmar "yanayi". A rediyo ana cewa hasashen yanayi idan ana nufin ko za a yi ruwa gobe, ana kuma cewa sauyin yanayi idan ana nufin abin da ke faruwa cikin gomman shekaru. Ɗalibin da ke tunani da Hausa yana rubutu da Turanci yakan haɗe ma'anonin biyu bai ankara ba. Na farko shi ne yanayin ɗan lokaci, wato halin da sararin samaniya ke ciki a wani wuri cikin awa guda ko yini ko mako: zafi, iska, gajimare, ruwa. Na biyu shi ne yanayin dogon zango, wato abin da aka saba gani a wurin idan aka tara awon shekaru masu yawa. Ƙungiyar Kula da Yanayi ta Duniya ta tsayar da shekara 30 a matsayin ma'auni, kuma zangon da ake aiki da shi a yanzu shi ne daga 1991 zuwa 2020.

Dalilin tsawon wannan zango yana fitowa fili da ɗan lissafi. A ƙaddara wani gari yana samun ruwan sama milimita 800 kowace shekara, sai wata shekara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har milimita 1,400. Idan shekara biyar kawai aka duba, har da wannan, matsakaicin zai tashi zuwa 920, mai dubawa ya ɗauka garin ya fi yadda yake dausayi. Idan kuwa shekara 30 aka tara, jimillar za ta zama 24,600, matsakaicin kuma 820. Shekarar da ta fita daban tana nan a cikin lissafin, sai dai ta rasa ƙarfin da za ta karkatar da hukunci.

Da malamin ya zauna da ita suka sake gina amsar, abubuwa uku ya nema. Na farko, zagayen shekara gaba ɗaya: damina daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, mafi yawan ruwa a Agusta, sannan dogon rani wanda ya ƙunshi hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu da kuma bazara mai tsananin zafi a Maris da Afrilu. Na biyu, adadi: matsakaicin ruwan shekara yana tsakanin milimita 700 da 900, gwargwadon zangon da aka auna, sanyin asubahin Janairu kuma kan sauka zuwa wajen digiri 13. Na uku, dalili: iska biyu ke karɓa-karɓa a kan yankin, busasshiya mai ƙura daga arewa maso gabas ta kan Sahara, da mai danshi daga kudu maso yamma ta kan tekun Atilantika. Idan mahaɗarsu ta matso arewa ta wuce Kano sai damina ta faɗi, idan ta koma kudu sai rani ya shigo.

A nan ta gane inda makinta ɗaya ya fito. Hunturu yanki ne na yanayin dogon zangon Kano, domin yana dawowa kowace shekara a lokacinsa. Da ta rubuta cewa akan yi hazo da sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da jimlar ta tsaya da ƙafarta. Hausa ma tana da alamar da ke raba biyun. "Ana ruwa" labarin yanzu ne, "akan yi ruwa a Agusta" kuwa labarin sabo ne. Duk amsar da ta cika da yau da jiya da bana, babu "kan" a cikinta, babu sunan wata, ta riga ta tona asirin kanta.

Ma'aunin shekara 30 shi ma yana da iyaka. Matsakaici kan ɓoye bambancin shekaru, kuma manomi shekarar da ta zo masa yake nomawa, mai albarka ko mai gardama. Zangon kansa ana sabunta shi duk shekara goma, domin yanayin dogon zango yana motsi. Zangon 1961 zuwa 1990 ya haɗa da farin da aka yi a Sahel a farkon shekarun 1970 da kuma 1983 zuwa 1984, shi ya sa alƙalumman ruwansa suka yi ƙasa da na zangon da ya biyo baya. Ta hanyar kwatanta zango da zango ake gane sauyi na haƙiƙa.

Wannan ne ya sa kuskuren ba ya ƙarewa a ɗakin jarrabawa. Wanda ya ga sanyin mako guda ya ce ɗumamar duniya tatsuniya ce, amsar ɗalibar nan ya maimaita. Haka ma wanda ya ga ambaliya ɗaya, kamar ta Maiduguri a Satumbar 2024, ya rataya ta kacokan a wuyan sauyin yanayi, bai tambayi halin da madatsar Alau ke ciki kafin ta ɓalle ba. Injiniyan da zai yanke faɗin magudanar ruwa da jami'in gona da zai ba da shawarar irin da za a shuka duk awon shekaru suke bukata, kuma idan suka dogara da daminar bara kaɗai, jama'a ne za su biya kuɗin kuskuren.

Ɗalibar ta ajiye takardar a cikin littafinta ba ta yaga ba. A gefen jan rubutun malamin ta ƙara tambaya guda da fensir, wadda take yi wa kowace amsa kafin ta miƙa: "Idan aka karanta wannan a Afrilu, zai zama gaskiya?"