Ƙarfi Daban, Sauri Daban



Saura mako uku bikin yaye ɗalibai aka ce ni zan kaɗa wa mawaƙan makarantarmu fiyano. A tsakiyar waƙar akwai wuri mai bugu 16 da aka ja dogon tsinke a ƙarƙashinsa mai buɗe baki kamar haka <, da harafin p a farkonsa da f a ƙarshensa. Wannan shi ne kireshendo, wato a fara a hankali a riƙa ƙara ƙarfin sauti har a kai ga ƙarfi sosai. Na san ma'anar tun tuni. Amma duk ranar da muka yi gwaji, da mun iso wurin sai yaran su rikice, wasu su haɗiye kalmomi, wasu su tsaya suna kallona. Har shugabar makaranta ta fara maganar a saka faifai kawai a huta.

Na kai kukana wurin malamina, wani tsohon ɗan badujalar soja. Ya sa na kunna manhajar ƙirga bugu a wayata, ya tsayar da ita a 60, wato bugu ɗaya kowace daƙiƙa, ya ce in kaɗa wurin. Ya kamata in gama a daƙiƙa 16. Na gama a 13.

Ya ce, "Ɗana, takarda ta ce ka ƙara ƙarfi. Wa ya ce ka ƙara gudu?"

Na ce, "Baba, wallahi ban ji na yi sauri ba."

Ya ce ai ba a ji, shi ya sa ake aunawa. Hannu yana ɗaure abu uku wuri guda: ƙarfin sauti, saurin bugu, da tsawon kowane sauti. Su kuwa alamomin takarda kowacce abu ɗaya take taɓawa. In marubucin waƙa yana son sauri, akwai kalmar da zai rubuta daban.

Laifina na biyu shi ne ina ganin bakin tsinken sai in danna da ƙarfi. Kafin bugu na 5 na ƙarar da abin da ke hannuna, sauran 12 babu inda zan hau, sai gudu ya maye gurbin ƙarfi. Malam ya ce inda alamar ta fara nan ne wuri mafi sanyi a cikinta. Ya raba mini bugun gida huɗu: huɗun farko p, na biyu mp, na uku mf, f kuwa ba zan taɓa shi ba sai a gidan ƙarshe. Ya ƙara da cewa in yi rowa a rabin farko, in adana yawancin hawan zuwa rabi na biyu, domin kunne ya fi jin hawan da ya zo a makare.

Sai maganar ɗige-ɗigen da ke kan sautukan hannun hagu, wato sitakato. Ɗigon yana nufin a gajarta sautin, galibi zuwa kusan rabinsa. A bugu 60, rabin daƙiƙa sauti, rabin daƙiƙa shiru. Ni kuwa ina tsinke sautin sai in faɗa wa na gaba kafin lokacinsa, na cinye shirun. Nan ne daƙiƙa ukuna suka ɓace. Hannun dama kuma yana ƙarƙashin lanƙwasasshen layi na ligato, inda yatsa ba ya tashi sai na gaba ya sauka, don kada iska ta shiga tsakani. Ya sa na yi kwana uku ina koyon kowane hannu shi kaɗai kafin na haɗa su.

A kan bugu na 13 akwai ƙaramar alama > a kan sauti ɗaya, alamar nauyi. Da ina dukansa har fiyanon ya yi ƙara marar daɗi. Malam ya ce in ɗan sassauta wanda ke binsa, shi zai fito da kansa.

Daga baya ya kunna mini Boléro na Maurice Ravel, wanda aka fara kaɗawa a Faris a 1928. Kusan minti 15 ƙaramar ganga tana maimaita kiɗa ɗaya, daga raɗa har zuwa tsawa, saurin bai motsa ba. Ku nema ku saurara, ku riƙa taɓa bugun da ƙafa.

Wanda ke koyo, ya fara duba ko fiyanonsa yana jin nauyin yatsa. In an kashe `Touch Response`, ko ka danna da ƙarfin ƙato sautin ɗaya ne. Sannan ka ɗauki kanka a waya, ka ƙirga daƙiƙun.

Ranar bikin yaran sun kai ƙarshen layin da numfashinsu, ba a saka faifai ba. Har yanzu in na gaji nakan gama wurin a 15, don haka manhajar tana nan a wayata.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.