Masu Gadi Biyu A Gida Ɗaya

Mai karatu, rauta tamkar mai gadi ce. Kamfanin intanet yana ba gida adireshi guda, ita kuma ta raba wa wayoyi da kwamfutoci adireshin cikin gida, ta riƙa tuna wanda ya aika saƙo domin ta mayar masa da amsarsa. Wannan aiki shi ake kira NAT. To, modem ɗin da kamfani ke kafawa galibi da rauta a cikinsa. Idan ka jona taka a bayansa, masu gadi sun zama biyu ke nan.

Na ga illar haka a kan kyamarar tsaro ta gidanmu. Daga ciki tana nunawa sarai, daga makaranta kuwa shiru, alhali na buɗe mata hanya a rautata. Dalili shi ne saƙon da ya fito daga waje modem yake fara tararwa, shi kuwa bai san da wata kyamara ba, sai ya watsar da shi.

Gane matsalar ba wuya. Na duba adireshin WAN a shafin rautata, na ga `192.168.1.2`. Duk adireshin da ya fara da `192.168` na cikin gida ne, wato modem ne ya ba ta shi.

Maganin shi ne `Bridge Mode`, wato a mayar da modem gada kawai, ya daina gadi. Kafin na taɓa komai, sai da na karɓi suna da kalmar sirri na PPPoE daga kamfani, domin da zarar modem ya zama gada, rautarka ce za ta gabatar da su. Wanda ya yi gaggawa zai wayi gari ba intanet. Sannan na shiga `192.168.1.1`, na sauya haɗin WAN daga `Route` zuwa `Bridge`. Na jona waya daga ramin LAN na modem zuwa ramin WAN na rauta, na zaɓi PPPoE, na shigar da sunan da kalmar sirrin. Na kashe su duka, na kunna modem tukuna, bayan ya daidaita na kunna rauta. Adireshin WAN ya koma na waje, kyamara ta bayyana.

Sai dai fa gadar tana da iyaka. Idan bayan wannan ka ga adireshi tsakanin `100.64` da `100.127`, to mai gadi na biyun yana can wajen kamfani, ana kiransa CGNAT, kuma ba abin da za ka murɗa a gida ya kawar da shi. Sai ka nemi su ba ka adireshin waje. Idan kuwa sun kulle zaɓin gadar, ka sa adireshin rautarka a DMZ na modem, domin ya riƙa miƙa mata duk saƙon da ya zo. Don haka ina ba 'yan'uwa ɗalibai shawarar su duba adireshin WAN kafin su zargi kyamara ko su sayi sabuwar rauta.