Laftof ɗinka na mutuwa da kanta, garanti kuma na ƙarewa? Rubuta wasiƙa

Idan ka mayar da laftof shago sau biyu kan matsala ɗaya, kada ka koma na uku da baki kawai. Mai shago ba ya tsoron faɗa, kwanan wata yake tsoro. Kowane "kawo a duba" yana cin kwanakin garantinka, kuma ranar da suka ƙare babu abin da zai nuna ka taɓa kai ƙorafi.

Tawa na saye ta a wani shago wajen Ƙofar Guga, garantin wata uku a jikin rasit. Kana cikin aiki sai ta ɗauke ɗif. Karon farko aka sake mata Windows, na biyu aka canza caja, aka ce wutar gidanmu ce.

Kafin ka rubuta komai, bari kwamfutar ta ba da shaida. Danna Windows + R, ka rubuta:

```
perfmon /rel
```

Jadawali zai fito da jajayen alamomi. Taɓa ɗaya, za ka ga "Windows was not properly shut down" da rana da lokaci. Ɗauki hoto da wayarka nan take, don idan aka sake Windows duk tarihin ya tafi. Sannan ka cire caja, ka ɗauki bidiyonta tana mutuwa a kan batir kaɗai. Wannan bidiyon shi ya kashe zancen NEPA.

Wasiƙata gajera ce. Bayan sallama na sa samfurin kwamfutar, lambar siriyal da ke ƙasanta, da ranakun da na mayar da ita. Sai na ce: "Alhaji, matsalar ɗaya ce tun farko, kuma gyara biyu bai magance ta ba. Ina neman a gyara ta gyara na gaskiya ko a canza min wata irinta cikin kwana bakwai." Ban sa zagi ba, ban sa "don Allah a taimaka" ba. Haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Layi ɗaya na ƙara: dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara, a canza ko a dawo da kuɗi.

Yi kwafi biyu, ya sa hannu a naka, ka kuma tura hotonta ta WhatsApp. Rasit na asali ya zauna a hannunka. Kuma duk yadda ta ishe ka, kada wani mai gyara ya kwance ta; sitikar da ke kan kusa ta yage, an sami uzuri ke nan. Ni a kwana na biyar aka kira ni, aka ba ni wata.