Wasiƙar Inshora Bayan Gobara

 Da hunturun bana gobara ta cinye ɗakin ɗinkina a Kawo. Na sanar wa kamfanin inshora, sai ga wasiƙa. Da na ga ba maganar kuɗi ciki, gabana ya faɗi. Ashe ba hana ni suka yi ba, bayani suke nema kafin su ƙiyasta hasarar.

Abu huɗu suka jera: rasidin biyan kuɗin shekara, da rahoton 'yan kwana-kwana, da hotunan ɗakin, da jerin kayan da suka ƙone, kowanne da rasidinsa. Wa'adi kwana 14. Ku lura, daga ranar da ke rubuce bisa wasiƙar suka fara ƙirga, ga shi ta kwana huɗu a hanya.

Na huɗun ya wahalshe ni, don rasidin keken ɗinki ya ƙone tare da keken. Na koma kasuwar Kawo wurin wanda ya sayar mini, ya duba littafinsa, ya rubuta mini wani. Allah ya so ban zubar da ƙonannen keken ba, mai ƙiyasi ya zo ya karanta lambar jikinsa.

Saura kwana biyu na kai musu kwafi, suka buga mini hatimin karɓa. Takardun asali kuwa suna cikin adakata.