Bitamin C Ba Shayi Ba Ne

Da damina ta sauka a nan Sabo, sai ka ga mutane na ta sayen bitamin C, irin mai tafasa cikin ruwa, wai rigakafin mura. Ina da maƙwabci mai jefa uku kullum. To, kowace ƙwaya miligiram 1,000 ce, alhali buƙatar babban mutum a rana 75 zuwa 90 ce kawai. Lemon zaƙi ɗaya ma ya kusa biya.

Hanji ba ya iya tsotse duka. Ragowar takan janyo ruwa cikinsa, sai murɗar ciki da gudawa, a ɗora wa abincin buka laifi. Shi ya sa masana suka sa iyaka a 2,000. Abin da ya fi damuna ƙoda ce: jiki na mayar da wani ɓangare oksalet, ya haɗu da kalsiyam ya zama tsakuwa. Binciken Suwidin na 2013 ya nuna haɗarin ya kusa ninkawa ga maza masu shan ƙwayar.

Murar fa? Shan ta kullum ba ya hana yawancinmu kamuwa, sai dai ya rage tsawon ciwon da kusan kashi 8 cikin ɗari. In kuwa sai da atishawa ta fara ka sha, ba a ga wani tabbataccen amfani ba.