Shafi na Goma Sha Bakwai

Idan aka miƙo mini kwantiragin mai kawo kaya, daga ƙarshe nake fara karantawa, domin can ake ɓoye ƙaya. A wata yarjejeniyar sayen janareta ta naira miliyan 40, na tarar kamfanin ya taƙaita diyyar da zai biya ga kuɗin gyaran wata uku, wato naira dubu 600, ko da injinsa ne ya ƙona ma'ajiyarmu. A shafi na 17 kuwa, mu aka ɗora wa biyan duk asarar da wani ya kai shi ƙara a kanta, “ko mene ne sanadinta”. Wannan jimla ta haɗa har da sakacinsa. Nasa alhakin yana da iyaka, namu babu. Na soke jimlar, na nemi iyakar ta kai farashin injin, ta kuma hau kan kowa.